Hadisin Cibiya

A jami'ar da nake koyarwa, ni ake bar wa 'yan aji ɗaya. Manyan malamai ba sa son su, wai surutunsu ya yi yawa kuma ajinsu ya cika cunkoso, sai a lallaɓa ni a ce ai Malam ne ya iya da yara. Haka na shafe shekaru ina tasowa daga Hunkuyi da sassafe, in shiga motar haya zuwa Zariya, in tsaya gaban ɗaliban da suka cika benci har wasu suna zaune a kan taga, ina koya musu yadda malaman hadisi suke tantance maganar da aka jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina son darasin nan, ba zan ɓoye ba. Ina son ganin fuskar yaro a ranar da ya fara gane cewa ba duk abin da aka buɗe da "Annabi ya ce" ne ake haɗiyewa ba tare da an tambayi wanda ya kawo shi ba.

Yadda nake farawa bai taɓa canzawa ba. Nakan ce su ɗauka wani ya yi magana a kasuwar Makarfi, maganar ta bi bakin mutum zuwa mutum har ta iso Kudan. Jerin mutanen nan da suka miƙo ta shi ne isnadi, ita kuwa maganar kanta ita ce matani. Kafin a ce hadisi ingantacce ne, wato sahihi, sai kowane mutum a jerin ya karɓa daga wanda ke gabansa, ba a tsallake kowa ba. Sai kowannensu ya zama mai gaskiya da riƙon addini, kuma mai kiyaye abin da ya ji, ko a ka ko a rubuce. Sai ruwayar ta zama ba ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi kiyayewa ba, sannan babu wata ɓoyayyar illa da sai gwanaye ke iya hangowa. Idan duk wannan ya cika, amma akwai wani a jerin da kiyayewarsa ta ɗan yi sauƙi, ba ta kai ta manya ba, sai a ce hadisin kyakkyawa ne, wato hasan, kuma ana kafa hujja da shi. Idan kuwa hadisi ya kasa cika ko da sharuɗɗan kyakkyawan, shi ne mai rauni, da'ifi.

A nan yara ke farkawa. Wanda ke gyangyaɗi tun ɗazu sai ka ga ya gyara zama, don kalmar da'ifi tana yi musu daɗi a baki. Kowa ya fara tuno limamin unguwarsu. Shi ya sa nakan ja musu kunne tun a ranar, in ce mai rauni daban, ƙagagge daban. Ƙagagge shi ne wanda aka tabbatar ƙirƙirarsa aka yi. Mai rauni kuwa, abin da ake nufi shi ne hanyar da ya biyo ba ta isa mu tabbatar da shi ba, kuma mai mantuwa ma yakan faɗi daidai wani lokaci. Nakan ce akwai sauran bayani a gaba, a kan yadda hadisi mai ɗan rauni yake samun ƙarfi idan ya zo ta wasu hanyoyin, su yi haƙuri har mu isa can. Ban ga alamar wani ya taɓa rubuta wannan jan kunnen ba, ma'anar da'ifi kawai suke kwafa su ja mata layi.

A shekarar da nake ba da labarinta, 'yar yayata tana cikin ajin. Ita ce 'yar farinta, kuma ita kaɗai ce ta rayu. A gida ni Kawu ne, a aji ni Malam ne, kuma ba ta taɓa haɗa biyun ba. Tana zama a layin gaba, tana rubutu kamar za ta huda takarda, idan na yi tambaya hannunta ne farkon tashi. Yarinya ce mai tsoron Allah da gaske, irin wadda idan ta gane abu gaskiya ne ba ta iya riƙe shi a ciki. Ina alfahari da ita sosai a lokacin, har nakan tsokane ta da cewa ita za ta gaje ni in huta da motar haya.

Mun gama mai rauni da rabe-rabensa ke nan, muna shirin shiga darasin ƙarfafar hadisi, sai aka tafi yajin aiki. Wanda ya san jami'o'inmu ya san yadda abin yake. Da safe kana aji, da yamma an ce kowa ya kwashe kayansa, kuma babu mai iya gaya maka ranar dawowa. Ɗalibai suka watse garuruwansu da rabin darasi a ka da waya a hannu. Ni na koma Hunkuyi na duƙufa a gonar masarata, ina jin haushin kowa da kowa. Ita kuma ta tafi ƙauyenmu, can wajen Saulawa, inda uwarta take aure.

Yaya ta girme ni da shekaru kaɗan, amma ita ta goya ni, ita ta riƙa kai mini abinci makarantar allo. Karatunta bai wuce na sallah da 'yan surori ba, don da wuri aka cire ta ta taya mahaifiyarmu aiki. Mijinta manomi ne, mutum mai shiru, yana noman masara da barkono da ɗan tumatir na rani. Bayan haihuwarta ta fari, ciki bai sake zama mata ba. Wani ya zube tun yana gudan jini, wani sai ya kai watannin da ake jin motsinsa, har ta fara tanadin zannuwa, sannan ya tafi. An je asibitin Ikara, an je Zariya, an sha sassaƙe da saiwoyi har ta gaji. Na daina ƙirgawa, amma ita ba ta daina ba. Waɗanda suka yi siffar mutum mijinta ya naɗe su a ƙyalle ya binne a bayan ɗakinta, yadda ake yi a ƙauye.

Abin da ya riƙe ta duk shekarun nan magana ɗaya ce. Bayan ɓarinta na farko, wani tsohon malamin ƙauyen, wanda ya daɗe da rasuwa yanzu, ya tsaya a ƙofar zaure ya gaya mata cewa Annabi ya ce ɗan da aka yi ɓarinsa zai ja uwarsa da igiyar cibiyarsa har cikin Aljanna, idan ta yi haƙuri ta nemi lada a wurin Allah. Yaya ta kama maganar nan da hannu biyu. Duk lokacin da na je yi mata jaje, ita ke rarrashina. Takan yi dariya ta ce ita ai ta fi kowa 'yan rakiya, ranar lahira sai dai a ba ta hanya. Na san hadisin, na san malamai sun yi magana a kan isnadinsa, kuma na san akwai waɗanda suka karɓe shi. Ban taɓa ganin dalilin buɗe mata wannan babin ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

A cikin yajin aikin nan, damina ta yi tsakiya, Yaya ta sake yin ɓari. Shekarunta sun ja, kowa ya san da wuya a sake samun wani. Ta zubar da jini sosai har aka kwana da ita a asibiti, inda wata nas 'yar kudancin Kaduna da ta san ta tun zuwanta na baya ta tsaya a kanta. Na je na gan ta a can, ta rame amma tana magana, har ta tambaye ni ko masarata ta yi goyo. Aka sallame ta, na koma gida hankalina kwance. Bayan 'yan makonni mijinta ya kira ni a waya. Mutumin da gaisuwarsa kaɗai ke cinye kati, ranar nan a taƙaice ya gaishe ni. Ya ce jikinta da sauƙi, jinin ya tsaya, amma ba ta cin abinci sai an matsa, ba ta fita tsakar gida, kuma 'yarta sai kuka take a ɓoye. Ya ce shi bai gane kan abin ba, ya ji dai an ce magana ce ta malamai, in zo.

Na hau mota zuwa Ikara, daga nan na ɗauki ɗan acaɓa, muka riƙa kewaye kududdufai har ƙauye. Yarinyar na fara samu a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni ba ta ɗago kai ba. Da ƙyar na samu labarin daga bakinta. Bayan an dawo daga asibiti, mata sun cika ɗakin suna jaje, wata tsohuwa ta kawo hadisin cibiya kamar yadda aka saba, Yaya tana gyaɗa kai. Ita kuma tana gefe da waya, sai ta ce bari ta duba. Ta samo shi a wata manhaja ta hadisai, a ƙarƙashinsa an rubuta kalma ɗaya, da'ifi. Ta ce ta daure har mata suka watse, ba ta kunyata kowa ba. Amma ta tuna gargaɗin da na karanta musu a aji game da mai jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba, ta ji tsoron kada uwarta ta ci gaba da yaɗa shi. Da suka rage su biyu, sai ta ce mata hadisin nan bai inganta ba, gara ta daina faɗa. Uwar ta tambaye ta me ake nufi da bai inganta ba. Ta ce ana nufin ba a tabbatar Annabi ya faɗa ba. Uwar ta tambaye ta wa ya koya mata haka, ta ce Kawu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗaga murya a zauren mutane, abin da ba halina ba ne a gidan suruki. Na tambaye ta ko manhajar ta gaya mata wa ya raunana shi, da wane dalili, kuma ko akwai wanda ya saɓa masa. Ta ce a'a. Na tambaye ta ko ta tuna na ce akwai sauran darasi. Ta ce ta tuna, amma ba ta san ranar da za a koma ba, kuma ta ga kamar yin shiru ha'inci ne. Sai fushin ya sake ni, don ba ƙarya ta yi ba. Kalmar da ta gani hukunci ne na malamai na gaske, kuma tsoron da ta ji tsoro ne mai kyau. Abin da ya rage mini in ji haushinsa shi ne wanda ya matse saɓanin malamai na ɗaruruwan shekaru cikin kalma ɗaya ya saka a wayar yara, da waɗanda suka rufe mana aji a tsakiyar magana. Babu ɗayansu a zauren, sai ita, tana share hawaye da bakin hijabi.

Na shiga ɗakin Yaya. Tana zaune a kan tabarma ta jingina da gado, kwanon kunu a gefenta ya yi sanyi har ya kama fata. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ruwa a wajenmu. Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta yi dariyar nan tata ba. Da gaisuwa ta ƙare, ta dube ni.

"Auta, ya faɗa ko bai faɗa ba?"

Na gyara zama na fara bayani, a hankali, yadda ban taɓa yi wa wani aji ba. Na ce mata maganar ta zo ne ta bakin mutane, wannan ya ji daga wancan, har zuwa wani sahabi. A cikinsu akwai mutum ɗaya da malamai suka ce riƙonsa ba shi da ƙarfi, har ma an yi saɓani a kan ko wane ne shi, don akwai mutum biyu masu sunaye kusa da juna, kuma raunin ɗaya ya fi na ɗayan. Saboda shi ne wasu manyan malamai suka ce hadisin mai rauni ne. Na ce mata amma akwai ƙa'ida. Idan raunin bai yi tsanani ba, wato mutumin ba maƙaryaci ba ne kuma ba a tuhume shi da ƙarya ba, sai kuma aka samu maganar ta zo ta wata hanya daban, to hanyoyin sukan tallafi juna, hadisin ya tashi zuwa kyakkyawa. Kamar mutum biyu masu ɗan mantuwa ne da ba su haɗu ba, kowa ya zo ya ba ka labari iri ɗaya, ai zuciyarka za ta fi natsuwa. Na ce da wannan ne wasu malaman, su ma manya, suka karɓi hadisin nata.

Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta tambayi abin da ɗayar hanyar ta ce. Tambaya ce da ɗalibi mai kaifin kai zai yi, kuma ita ce wadda na so a ce ba ta yi ba. Na gaya mata gaskiya. Akwai wata ruwaya a kan ɓarin kansa, ita ma mai rauni ce. Wadda ta fi ƙarfi kuwa, ta yi maganar jan uwa da cibiya ne a kan macen da ta rasu wajen haihuwa. Shi ya sa masu raunanawa suka ce wannan ba ta zama shaida a kan ɓari ba, masu karɓa kuma suka ce ma'anar ta kusa.

"Ashe da na mutu a asibitin nan, da ya fi tabbata," in ji ta.

Na ce subhanallahi, kada ta faɗi haka. Na yi sauri na kawo mata waɗanda babu mai jayayya a kansu. Na gaya mata ya inganta cewa babu wata wahala ko ciwo ko baƙin ciki da zai sami mumini, ko da ƙaya ce ta soke shi, face an kankare masa zunubi da ita. Na gaya mata ya inganta cewa macen da 'ya'yanta uku suka riga ta, ko biyu, za su zama mata kariya daga wuta, kuma ya inganta cewa ƙananan yara za su riƙe tufar iyayensu ba za su saki ba sai an shigar da su Aljanna tare. Na ce waɗannan duk sahihai ne, ta riƙe su.

Ta ce ta ji, kuma ta gode wa Allah da su. Amma waɗancan yara ne da aka haifa, aka yi musu suna, suka sa riga. Nata ko numfashi ba su yi ba, wasu ma ba a gane mace ne ko namiji ba. Hadisin cibiya ne kaɗai ta taɓa ji ya ambace su su kansu. Na ce mata malamai da yawa sun ce wanda aka busa wa rai, bayan wata huɗu, mutum ne cikakke kuma za a tashe shi, kuma rahamar Allah ta fi ƙarfin lissafinmu. Na ga leɓɓanta suna motsi, sai daga baya na gane tana ware waɗanda suka kai wata huɗu ne daga waɗanda ba su kai ba. Tun da nake koyarwa ban taɓa jin nauyin ilimina ya danne ni kamar a lokacin ba.

Ta sake tambayata, wannan karon ni kaina take nufi, ba malamai ba. Ta ce ta goya ni, ta san ba zan yi mata ƙarya ba, in gaya mata kawai ya faɗa. Kalma biyu ce, kuma na san da na furta su za ta ɗauki kwanon kunun nan ta sha. Amma ban san hakan da yaƙini ba, kuma maganar Annabi ba tawa ba ce da zan yi kyauta da ita, ko ga wadda ta goya ni. Na ce mata ni ina tare da waɗanda suka ce kyakkyawa ne, zuciyata ta fi karkata ga cewa ya faɗa, kuma babu laifi a kanta ko kaɗan idan ta ci gaba da sa rai da shi. Wannan shi ne iyakar abin da na sani, kuma shi na faɗa.

"To, kai ma zato kake," ta ce. Ba da faɗa ta faɗe shi ba.

Na yi ƙoƙarin nuna mata cewa rinjayen zato a wurin malaman hadisi ba ƙaramin abu ba ne, a kansa aka gina hukunce-hukunce masu yawa na ibada da zaman duniya. Ta gyaɗa kai irin na mai son baƙo ya huta. Ta kira 'yarta, wadda ba ta taɓa kiran sunanta saboda kunyar 'yar fari, ta ce yarinyar nan ta kawo wa kawunta abinci. Da la'asar na kama hanya, ruwa ya tare mu a wata bukkar masu rake kafin Ikara, na tsaya a ciki ina jin kamar an yi mini duka.

Yaya ta warware a hankali. Ta koma cin abinci, ta koma tsakar gida, da kaka ta yi ta shiga cikin masu tsinkar barkono. Ba ta yi fushi da 'yarta ba, har ta ce wa mijinta kada wanda ya sake ɗaga maganar, yarinya karatunta ta faɗa. Mutanen gidan suka ce ta warke. Ni dai na lura idan na je gaishe ta, hira ba ta wuce ta gona da farashin taki, kuma ta daina yi mini ba'a.

Da aka janye yajin aiki muka koma, darasin farko da na yi shi ne wanda ya rage. Na rubuta a allo cewa kyakkyawa iri biyu ne, wanda ya tsaya da kansa da wanda waninsa ya tallafe shi. Na yi bayanin yadda ake tattaro hanyoyin hadisi a jera su, a duba ko wani ya yi tarayya da mai ruwayar a wurin malaminsa, ko kuma wani sahabin daban ya ruwaito mai kama da shi. Na gaya musu wane rauni ne ke gyaruwa da wane ne ba ya gyaruwa ko hanyoyi sun kai nawa. Na ce hukunci a kan isnadi guda ba lallai ne ya zama hukunci a kan hadisin gaba ɗaya ba, kuma malami biyu masu gaskiya sukan duba jeri ɗaya su rabu. Na ce duk wanda ya ga kalma ɗaya a waya, ya nemi wanda ya faɗe ta da dalilinsa kafin ya buɗe baki a gaban mutane. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya tambaya ko wannan zai fito a jarrabawa. 'Yar yayata ta koma layin ƙarshe a zangon nan, kuma ba ta sake ɗaga hannu ba, ko da yake ita ta fi kowa maki.

Ba ta bar maganar ba. Ta riƙa zuwa ɗakin karatu tana bin hanyoyin hadisin ɗaya bayan ɗaya, tana zuwa ofis tana tambayata a kan kowane mai ruwaya, abin da sai 'yan shekarar ƙarshe muke sa su yi. Ta kai inda na kai, ba ta wuce ba, don iyakar abin da ke akwai ke nan. Da aka yi hutu ta tafi gida da niyyar zaunar da uwarta ta warware mata komai. Uwar ta saurare ta, ta sa mata albarka, ta ce Allah ya ƙara ilimi.

A hutun nan ne matar wani ɗan maƙwabcinsu, yarinya ƙarama da cikinta na fari, ta yi ɓari. Na je ƙauyen a makon don wata gaisuwar, 'yar yayata ce ta ba ni labarin a hanyar rakiya, don da ita aka shiga jajen. Ta ce ɗakin ya cika da mata, yarinyar tana kwance ta juya wa mutane baya. Surukarta ta dafa ta ta ce ta yi haƙuri, ai ɗan nan zai ja ta da cibiyarsa zuwa Aljanna, Annabi ne ya faɗa. Sannan ta waiwayo wajen Yaya, sauran matan ma suka waiwayo, don duk ƙauyen babu wadda ta kai ta sanin wannan ciwon. Surukar ta ce wa Yaya ta gaya wa yarinyar nan da bakinta, za ta fi yarda. Yarinyar ta juyo tana kallon ta.

'Yar yayata ta ce ita kanta ta buɗe baki za ta ce hadisin kyakkyawa ne a wurin wasu malamai, sai ta ji babu inda za ta sa wannan maganar a ɗakin. Yaya ta matsa ta kama hannun yarinyar, ta riƙe shi a cinyarta.

"Allah ya sa haka ne, 'yata," ta ce. "Ni ma jira nake in gani."

Muna tsaye a bakin hanya inda 'yan acaɓa ke jira lokacin da ta gama ba ni labarin. Ta tambaye ni, Kawu, yanzu me za ta yi. Na ce ta koma gida ta taya uwarta aiki, rana ta kusa faɗuwa.